Sa wa Bidiyo Lokaci Ba Shi Ne Ɗora Shi Ba

Masu ɗora bidiyo a YouTube da yawa na zaton da sun zaɓi ƙarfe takwas na dare, shi ke nan. Ina! Sai bidiyon ya gama hawa tukuna agogon zai yi aiki.

Ɗauki bidiyo mai nauyin megabayit 300. Idan layinka na tura megabit ɗaya a daƙiƙa, minti 40 zai ci, in bai yanke ba. Matse shi zuwa 720p, ya koma kamar megabayit 100, ka gama cikin kwata.

Ni dai shawarata, ɗora da asuba, kafin jama'a su cika layi. Jona caji, kashe tanadin batir, domin yakan tsayar da manhaja. Sannan leƙa YouTube Studio: in ba ka ga "Scheduled" ba, da sauran aiki.