Jakar Zuciya: Kumburi Daban, Matsewa Daban

Zuciya tana cikin wata jaka mai rufi biyu. Idan jakar ta kumbura, ƙirji yakan yi suka. Kwanciya rigingine tana tsananta ciwon, sunkuyawa gaba tana sassauta shi. A awon ECG, layin ST yakan ɗaga kusan ko'ina, PR kuma ya sauka. Maganin ibufurofen da kolcisin sukan wadatar.

Matsewa kuwa ba ta jira. Ruwa ya taru ya shaƙe zuciya, bugun jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su cika, sautin zuciya ya dusashe. Zanen QRS yakan ƙanƙance, wani lokacin dogo na bin gajere. Nan ƙwaya ba ta ceto, maganin sa fitsari ma ɓarna yake yi. Ƙarin ruwa ta jijiya ɗan jinkiri kawai yake samarwa kafin likita ya zuƙe ruwan da allura.