Ruwan Zobe da Maganar da Ba a Faɗa Ba

A kusa da Dutsin-Ma akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. A ce wani ya tsaya a bakinta ya ce: "Dam ya cika da ruwa, saboda haka manoman yankin nan za su iya noman rani." Maganar ta yi daɗi a kunne, amma akwai abin da ya ɗauka a ransa bai furta ba. Wannan ɓoyayyen zato shi ake sa ɗalibai su tono a jarrabawar auna tunani, irin wadda ake yi wa masu neman aiki ko gurbin ƙaro karatu.

Da farko ka raba maganar biyu. Abin da ya biyo bayan "saboda haka" shi ne hukunci, wanda ya gabace shi kuma dalili. Dalilin yana maganar ruwa a cikin dam, hukuncin yana maganar noma a gona. Me ya haɗa dam da gona? Nan giɓin yake.

A ce an ba ka zaɓi uku. Na ɗaya, akwai hanyar kai ruwan gonaki. Na biyu, kowane manomi yana da injin ban-ruwa. Na uku, tumatir yana tsada a Katsina da rani.

Sai ka kore kowanne, ka ga ko maganar za ta tsaya. Idan tumatir ba ya tsada, har yanzu ana iya noman, riba ce kawai za ta ragu. Idan ba kowa ke da inji ba, wasu za su yi haya ko su ja ruwa ta magudana. Amma idan babu hanyar kai ruwa gona, magana ta rushe. Na ɗaya ne amsa. Haka ma ta faru: shekaru da dama bayan gina dam ɗin, akasarin filin da aka tsara shayarwa bai samu ruwan ba, domin ba a kammala magudanan ba.

Zaɓi na biyu ne ya fi kayar da ɗalibai, saboda yana ƙarfafa maganar. Sai dai ba abin da ke ƙarfafa ta ake tambaya ba, ana neman wanda in babu shi ba za ta tsaya ba. Ka kuma kula wajen korewa: kishiyar "kowa yana da shi" ita ce "ba kowa ke da shi ba", ba "babu mai shi" ba.

Ga na gwaji. Wata ɗaliba a Kurfi ta ce: "Jarrabawata a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ƙarfe 9 ce, zan fito gida ƙarfe 7, saboda haka ba zan makara ba." Me ta ɗauka game da mota a tasha? Rubuta shi, ka kore shi, ka ga ko za ta isa.