Idan mai gida ya ce ba zai sabunta haya ba: abin da takardar notis ke nufi a Nima da Maamobi

A zangunan Accra, irin su Nima da Maamobi, yawancin masu haya a gidajen gado suke zaune: ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo da makewayi na kowa da kowa. Mutum zai shekara goma yana gaisawa da mai gida a masallaci ɗaya, sai rannan a miƙo masa takarda cikin ambulan cewa idan kuɗinsa ya ƙare ba za a sabunta ba. Wannan takarda ita ake kira notis. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar ta zo an kore su ke nan. A dokar Ghana ba haka ba ne. Notis sanarwa ce, ba hukuncin kotu ba.

Ga wanda ya saba da Maraɗi ko Zinder, inda akasari wata-wata ake biyan haya, sai ya fara fahimtar maganar adibas kafin ya gane nauyin takardar. A Accra mai gida kan karɓi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana karɓar abin da ya wuce na wata shida. An san dokar, amma ƙarancin ɗakuna ya fi ƙarfinta. Saboda haka wanda aka ba notis ba ɗaki kaɗai yake nema ba, kuɗin shekara biyu yake nema. Tsawon wa'adin da ke cikin takardar shi ne tsawon lokacin da yake da shi na tara wannan kuɗi.

A ɗauki misalin wani tela da ke zaune da iyalinsa a ɗaki da falo a Nima. A ce ya biya sidi 400 a wata na shekara biyu, wato sidi 9,600, daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa 30 ga Satumba 2025. Ɗan mai gida zai yi aure, ana son ɗakin. Takardar da ta dace za ta fito tun farkon Yuli, kuma ba ta buƙatar dogon Turanci. Abin da za ta ce bai wuce haka ba:

"Assalamu alaikum. Malam, ina sanar da kai cewa hayar ɗaki da falo da kake ciki a gidana za ta ƙare ranar 30 ga Satumba 2025, kuma ba zan sabunta ba, domin ɗana zai zauna a ciki da iyalinsa. Na ba ka wata uku daga yau, 1 ga Yuli 2025, don ka nemi wuri. Kafin ka miƙa makulli za mu zauna mu yi lissafin wuta da ruwa. Ba wani laifi ka yi ba."

Sai sunan mai gida da sa hannunsa, da lambar gidan, da sa hannun shaida. A yi kwafi biyu, ɗan haya ya rubuta ranar da ya karɓa a jikin ɗaya. Sa hannun nan ba ya nufin ya amince da tashi, shaida ce kawai cewa takardar ta shiga hannunsa. Wanda ya ƙi karɓa don fushi bai tsayar da komai ba.

Maganar wata uku ita ce ta fi jawo rigima. Shi ne wa'adin da aka saba bayarwa, kuma yarjejeniyoyi da dama suna ambata shi, don haka abu na farko shi ne a duba abin da takardar haya ta ce. Amma akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa idan adibas ya ƙare, ɗan haya yana da wata uku kyauta. Babu wannan. Da a ce mai gidan telan ya yi sakaci sai ranar 30 ga Satumba ya ba da notis, to telan zai iya zama har ƙarshen Disamba, amma zai biya sidi 400 kowane wata, sidi 1,200 ke nan, ya kuma karɓi rasit. Wanda ya daina biya ya ba mai gida hujja da hannunsa, domin kuɗin hayar da aka yi wata guda ba a biya ba yana cikin dalilan da doka ta yarda a fitar da mutum a kansu. Haka kuma idan mai gida ne ke son ɗakin kafin kuɗin ya ƙare, kuma telan ya yarda ya tashi a ƙarshen Yuli, sai an mayar masa da kuɗin Agusta da Satumba, sidi 800.

Me ya sa ake rubuta dalili a takardar? Saboda ƙarewar yarjejeniya kaɗai ba ta sa ɗan haya ya zama baƙo a ɗakinsa. Matuƙar yana biya yana kiyaye sharuɗɗa, doka tana ci gaba da kare zamansa. Idan ya ƙi fita, sai mai gida ya nemi umarnin alƙali, ya kuma nuna ɗaya daga cikin dalilan da sashe na 17 ya lissafa. Buƙatar ɗakin don kansa ko wani daga iyalinsa tana ciki, kuma alƙali zai duba ko buƙatar ta gaskiya ce. Idan kuwa shago ne yake so ya karɓe don kasuwancin kansa, dokar ta ce sai ya ba da notis a rubuce na aƙalla wata shida. Dalilin ƙarya shi ke kayar da masu gida: a ce aure za a yi, alhali wani ne ya yi tayin kuɗi mai tsoka, kuma a unguwa irin Nima ba a kwana biyu maganar ba ta fito ba.

A gidan gado akwai ƙarin tambaya, wato wa ke da ikon sa hannu. Sau da yawa magada sun raba ɗakuna a tsakaninsu, ko sun wakilta mutum ɗaya ya riƙa karɓar haya. Idan notis ta fito daga wanda ba shi ke ba da rasit ba, ɗan haya ya kai ta wurin wanda yake biya kafin ya fara ɗaure kaya. Yakan faru rigimar 'yan uwa ce ta faɗo masa a ka.

Abin da mai gida ba shi da ikon yi, ko wa'adi ya cika, shi ne ya cire ƙofa, ko ya kware rufin kwano, ko ya yanke wuta, ko ya kulle makewayi, ko ya watso kaya waje. Matsa wa ɗan haya don ya gudu laifi ne a ƙarƙashin dokar. Wanda aka yi wa haka ya tafi Hukumar Kula da Haya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka, Gidaje da Albarkatun Ruwa, da yarjejeniyarsa da rasit da kwafin notis. Jami'in haya zai kira ɓangarorin biyu ya saurare su, in sulhu ya gagara maganar ta wuce gaban alƙali. Ƙofar nan a buɗe take ga mai gida ma, idan ɗan haya ya naɗe ƙafa ya ƙi motsi.

A zango dai kafin a kai ga ofis, akan fara zuwa wurin limamin unguwa ko sarkin zango, kuma sau da yawa a nan ake samun ƙarin wata ɗaya ko biyu, musamman idan akwai yara a tsakiyar zangon karatu ko azumi ya ƙarato. Wannan hanya tana da kyau, sai dai rauninta shi ne komai da baki ake yi. Idan an ƙara wa telan zuwa 30 ga Nuwamba, a rubuta sabuwar ranar a bayan takardar, da kuɗin da zai biya na Oktoba da Nuwamba, waɗanda suka halarta su sa hannu.