Abin da R² ke aunawa, da dalilin faɗuwar gyararrensa

A ɗauka wani malamin gona ya zagaya gonakin masara 20, kowacce kadada ɗaya, ya rubuta buhunan da aka samu a kowace gona da yawan takin da aka zuba mata. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma lissafin da za a yi da su shi ne wanda kwamfuta ke yi.

Da za a ce ya faɗi amfanin wata gona ba tare da ya san komai game da ita ba, abin da ya fi masa shi ne ya ambaci matsakaicin gonakin duka. Zai yi kuskure, domin wata ta haura matsakaicin, wata ba ta kai ba. Sai a ɗauki tazarar kowace gona daga matsakaicin, a ninka ta da kanta, a tara duka. Mu ce jimlar ta kama 400. Wannan shi ne dukkan bambancin da ke tsakanin gonakin, littattafai sukan rubuta shi SST.

Yanzu sai ya shigo da taki. Ya ja miƙaƙƙen layin da ya fi kusa da gonakin duka, wanda ke cewa taki kaza yakan ba da buhu kaza. Har yanzu akwai kuskure, amma ya ragu. Idan aka ninka tazarar kowace gona daga layin da kanta aka tara, mu ce an sami 120. Wannan ragowar ita ce SSE. Daga nan R² ke fitowa:

R² = 1 − SSE/SST = 1 − 120/400 = 0.70

Ma'anarsa ita ce, daga cikin bambancin da ke tsakanin waɗannan gonaki, layin taki ya ɗauke kashi 70 cikin ɗari, saura kashi 30. Iyakarsa ke nan. Bai ce kashi 70 na masarar daga taki ta fito ba, bai ce hasashen zai dace sau 70 cikin ɗari ba, bai kuma tabbatar da cewa taki ne sanadi ba. Mai yiwuwa manoman da ke da kuɗin taki su ne kuma masu ingantaccen iri.

Matsalar R² tana bayyana ne idan aka fara ƙara wasu ma'aunai bayan taki. Muddin gonakin ba su canza ba, ba ya taɓa raguwa. Dalilin mai sauƙi ne: lissafin yana neman haɗin da zai bar ragowa mafi ƙanƙanta, kuma ko sabon ma'aunin ba shi da amfani ko kaɗan, ana iya ba shi nauyin sifili a koma inda ake. A aikace ma nauyin ba ya zama sifili cif, domin a cikin gonaki 20 kowane jerin lambobi zai ɗan yi katari da amfanin gona. A sa lambar ƙarshe ta wayar kowane manomi a matsayin ma'auni na biyu, sai a ga ragowar ta sauko daga 120 zuwa 117, R² ya tashi zuwa 0.7075. Lambar waya ba ta da alaƙa da masara, amma ga shi alƙalami ya motsa. Wanda ya ci gaba da haka har ma'aunai suka kai 19 a kan gonaki 20, zai iya samun R² daidai da 1, alhali bai gano komai ba.

Saboda wannan ne aka samar da gyararren R², wanda Excel da SPSS ke nunawa da sunan `Adjusted R Square`. Ana danganta tsarinsa da Mordecai Ezekiel, masanin tattalin arzikin noma ɗan Amurka, wanda ya wallafa littafinsa kan wannan fanni a 1930. Maimakon a kwatanta jimla da jimla, sai a fara raba kowacce da sararin da ya rage mata:

R² gyararre = 1 − [SSE/(n − k − 1)] / [SST/(n − 1)]

A nan n shi ne yawan gonaki, k kuma yawan ma'aunai. Me ake nufi da sarari? Ɗigo biyu kawai, dole miƙaƙƙen layi ya ratsa su daidai, don haka ba su iya gwada ingancin layin. Sai daga na uku gwaji ke farawa. Kowane ma'auni da aka ƙara yana cinye gona ɗaya daga cikin waɗanda za su iya ƙaryata layin. Abin da ya rage shi ne n − k − 1, wanda ake gani a allo da sunan `df`.

Mu koma ga gonakinmu. Da taki kaɗai, sararin 18 ne. An raba 120 da 18, an sami 6.67. A ƙasa kuma 400 a raba da 19 ya ba da 21.05, kuma wannan ba ya canzawa ko ma'auni nawa aka ƙara. Gyararren R² ya zama 0.683. Da lambar waya ta shigo, ragowar ta koma 117, amma sararin ma ya koma 17. To 117 a raba da 17 ya ba da 6.88, wanda ya fi 6.67. Gyararren R² ya faɗo zuwa 0.673, a daidai lokacin da R² na asali ya hau.

Abin kamar kuɗin ƙofa ne. A wannan misali, duk ma'aunin da zai shiga sai ya rage ragowar da fiye da 6.67, wato matsakaicin abin da kowane gurbi ke ɗauke da shi. Lambar waya ta rage 3 kawai, ba ta biya ba. Da yawan ruwan sama aka sa a madadinta, ragowar ta sauko zuwa 90, da 90 a raba da 17 ya ba da 5.29, gyararren R² ya hau zuwa 0.749.

Akwai gajeriyar hanyar gane wannan a teburin sakamako. Gyararren R² yana hawa ne idan alƙalamin t na sabon ma'aunin ya wuce 1, ba tare da la'akari da alamar ragi ba, yana kuma faɗuwa idan bai kai 1 ba. Na lambar waya wajen 0.66 ne. Sai dai a lura, wannan shinge gajere ne ƙwarai. Gwajin da aka saba yi a matakin kashi 5 cikin ɗari yana neman t ya kai wajen 2.1 a sarari 17, kuma ma'aunin banza zalla yakan tsallake 1 kusan sau ɗaya cikin uku. Don haka ban yarda da ɗabi'ar da ake gani a kundin ɗalibai da yawa ba, ta jefa ma'aunai ɗaya bayan ɗaya a riƙe duk wanda ya ɗaga gyararren R². Wanda ya gwada goma marasa amfani, zai iya tsintar uku da suka tsallake.

Faɗuwar ma ba hukuncin kora ba ce. Idan duk gonakin a gari ɗaya suke, ruwan da suka samu kusan ɗaya ne, sai ma'aunin ruwa ya kasa rage komai, ko da yake babu masarar da za ta yi ba ruwa. Haka nan idan sabon ma'aunin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko, kamar kuɗin da aka kashe kan taki da yawan buhunan takin, to labarin da ya kawo an riga an ji shi. Wani lokaci kuma ana barin ma'auni a ciki da gangan, irin su nau'in iri, don kada a jingina wa taki abin da ba nasa ba.

Kafin ka kwatanta sakamako biyu, duba n. Idan wasu gonakin ba su da bayanin sabon ma'aunin, manhajar takan zubar da su ba tare da ta yi maka magana ba, sai ka koma kwatanta gonaki 20 da 16. A irin wannan hali ko R² na asali yana iya faɗuwa, kuma kwatancen bai inganta ba sai ka sake lissafin duka biyun a kan gonaki iri ɗaya.