Kuɗin da inganci yake ci a masana'antar ruwan leda

Masana harkar masana'antu sun kasa kuɗin da inganci yake ci gida huɗu. A masana'antar ruwan leda, kashi na farko shi ne na rigakafi: horar da ma'aikata, canza matatar ruwa a kan lokaci, da kula da injin liƙe leda. Na biyu kuɗin bincike ne, wato gwajin ruwa a ɗakin gwaje-gwaje da matsa ledoji don gano mai yoyo.

Sauran biyun asara ce. Ta cikin gida ita ce aibin da aka gano kafin kaya su fita: ledar da ta fashe, ruwan da aka zubar, man janareton da ya ƙone a banza. Ta waje ta fi ciwo, domin kayan sun riga sun isa hannun dillali. Sai a biya motar kwaso su, a maye gurbinsu, wataƙila hukuma ta ci tara. Mai shagon da ya koma wa wani kamfani kuwa ba ya bayyana a littafin lissafi, shi ya sa masu masana'anta sukan raina wannan kashi.

Ƙara masu bincike yana tare kaya marasa kyau a bakin ƙofa, amma yawan ledar da injin yake lalatawa ba ya raguwa sai an gyara zafin maliƙinsa.