Wasiƙar Wata-Wata ta Kantin Littattafai: Rana Ɗaya, Tsari Ɗaya

Masu kantin littattafai da dama sukan fara aika wa abokan cinikinsu wasiƙar imel da zafinsu. Ta farko ta fito dogowa, cike da hotuna. Ta biyu ta makara da mako biyu. Ta uku kuwa sai bayan wata biyar, lokacin da rabin masu karɓa sun manta sun taɓa ba da adireshinsu. Ba rashin iya rubutu ke kashe irin wannan wasiƙa ba. Abin da ke kashe ta shi ne duk wata mai kanti yakan zauna yana tunanin abin da zai rubuta tun daga tushe, ga ciniki yana jiransa a kanta. Maganin shi ne a yanke hukunci biyu sau ɗaya, a daina sake su: sassan da wasiƙar za ta ƙunsa, da ranar da za ta fita.

Mu ɗauki misalin kanti a Zariya mai sayar da littattafan makaranta, da na addini, da ƙagaggun labaran Hausa, wanda ya tara adireshin mutum 400. Sassa huɗu sun ishe shi. Da farko gaisuwar mai kanti, layi huɗu ko biyar, da muryarsa ta kullum. Sai littafin wata, guda ɗaya tak. Bayansa sababbin shigowa, kada su wuce biyar, kowanne da sunansa, da marubucinsa, da farashinsa, da jimla ɗaya a kansa. A ƙasa kuma sanarwa: lokacin buɗewa da rufewa, yadda ake yin oda, da mahaɗin da mutum zai latsa idan ba ya son a ci gaba da aiko masa. Jerin ba ya canzawa. Malamin da sababbin shigowa kawai yake nema ya san inda zai gangara, mai rubutu kuma ya san gurbi huɗu zai cike, ba farar takarda ce ta zuba masa ido ba.

Sashen littafin wata ne ya cancanci a ɓata masa lokaci, domin shi kaɗai ne ba za a samu a wani wuri ba. Kada a kwafe abin da ke bayan bango. A faɗi wa littafin ya dace da shi, da dalilin da ya sa yanzu. Idan a Satumba aka zaɓi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ba sai an tsaya yabonsa ba, kowa ya san shi. Abin da uba ke son ji shi ne littafi uku ne, ana iya sayen na ɗaya kaɗai, labaransa gajeru ne da yaro ɗan aji biyar zai iya gama guda kafin barci, kuma kwafi nawa suka rage a kanti. Kalmomi ɗari da hamsin sun wadatar. Ni a ganina, gara a faɗi har da wanda littafin bai dace da shi ba. Mai kantin da ya taɓa ce maka "wannan ya yi wa ɗanka nauyi, ka dakata zuwa baɗi," shi za ka yarda da shi ranar da ya ce ka saya.

Sai batun rana. Kasuwar ƙauye tana cika ne domin kowa ya san ranar da take ci, ba a aika goron gayyata. Kantinmu na Zariya ya zaɓi Talatar farko ta kowane wata da safe, lokacin da albashi bai daɗe da shiga ba. Babu wani sirri a Talata. Abin da ake so dai rana ce wadda mai kanti zai iya cikawa ko a watan da ya fi shan aiki.

Daga wannan rana ake lissafi da baya. Saura kwana goma, a zaɓi littattafai, a je a ƙirga su a kan kanta da ido, a tabbatar da farashi wajen dila. Saura mako guda a rubuta. Saura kwana biyu a aika wa kai gwaji, a buɗe a waya, a latsa kowane mahaɗi, a ba wani yaron kanti ya karanta da babbar murya. Daren Litinin a saita ta fita da kanta, don rashin wuta ko matsalar sabis kada su ci ranar. Matakin ƙirgen nan shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo jin kunya. Idan kwafi shida suka rage, mutum goma sha biyar suka nema, an ɓata wa tara rai. Ko dai a rubuta "shida suka rage", ko a zaɓi wani littafin. Yana da kyau kuma a zana watanni goma sha biyu tun farkon shekara: komawa makaranta a Satumba, littattafan shirin jarrabawa tun kafin lokacinta, na tafsiri da addu'o'i wata guda kafin azumi. A tuna azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi aikin bana ba.

Akwai kurakuran da ke hana wasiƙa isa. Zuba adireshi 400 a gurbin BCC na Gmail yana iya wucewa yau, amma asusun kyauta yana da iyakar mutum 500 a rana, ba shi da hanyar fita ga mai karɓa, kuma ranar da aka yi kuskuren sa su a To, kowa ya ga adireshin kowa. Manhajojin aika wasiƙa irin su Mailchimp, MailerLite da Brevo an yi su ne don wannan aiki. Gmail kuma yakan gutsure saƙon da ya haura 102 KB, ya ɓoye ƙasansa, wato daidai inda bayanin oda da mahaɗin fita suke. Idan gwajinka ya nuna an gutsure, rage tsawo da ƙyale-ƙyale. Hotuna ma a taƙaita su, ɗaya na littafin wata ya isa, saboda mai karatu da datarsa yake buɗewa. Farashi a rubuta shi da haruffa, kada a bar shi cikin hoto kaɗai.

Wanda bai nema ba, kada a aika masa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin janye amincewarsa da ƙin saƙon talla. Ko ba don doka ba, Google yana so ƙorafin Spam ya kasance ƙasa da uku cikin dubu. A jerin mutum 400, biyu kacal suka yi ƙorafi an haura. A nan jinkiri ke yin ɓarna, don wanda ya manta da kai shi ne ke latsa Spam. Takarda a kan kanta, inda mai saye zai rubuta adireshinsa da hannunsa bayan an gaya masa sau ɗaya a wata ne, ta fi jerin dubu da aka kwaso daga wani wuri.

Ta yaya za a san tana aiki? Adadin waɗanda manhaja ta ce sun buɗe ba abin dogaro ba ne sosai, domin tun 2021 manhajar imel ta Apple kan sauko da saƙo da kanta, a lissafa an buɗe ko mai shi bai duba ba. Mai kanti yana da ma'aunin da ya fi wannan. Ya rubuta yawan kwafin littafin wata da ya sayar a mako biyu kafin wasiƙa da mako biyu bayanta. Ya sa wata kalma a ƙasan wasiƙar, wanda ya faɗe ta a kanti a yi masa ɗan ragi, yaron kanti yana sa alama a littafin ciniki. Bayan fitowa shida, idan ana latsa sababbin shigowa amma littafin wata ba ya motsi, to zaɓin ne ko bayanin ke buƙatar gyara. Idan kuma masu fita suka ƙaru a wani wata, a koma a duba ko a watan ne aka tsawaita wasiƙar, ko aka cusa wata ta biyu a tsakiya.