Yadda Za a Karanta Taswira Mai Launi

Hakimai da malamansu sun saba ganin irin taswirar nan da ake rabawa gunduma gunduma ko jiha jiha, a shafa wa wata launi mai duhu, a bar wata da haske. Da mutum ya ɗora ido a kanta, sai hankalinsa ya tafi wurin mai duhun, ya ce nan ne abin ya fi tsanani. To, kafin a yarda da haka, wajibi ne a duba bayanin da ke gefen taswirar, a ga abin da aka auna. Zallar yawan abin aka ƙidaya, ko kuwa an gwada shi da yawan jama'ar wurin?

Ga dalili. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen miliyan 9.4 a Jihar Kano, Jihar Yobe kuwa wajen miliyan 2.3. Watau Kano ta ninka Yobe sau huɗu, ko da ya ke ƙasar Yobe ta fi ninki biyun ta Kano faɗi. Saboda haka kome aka ƙidaya, haihuwa ko mutuwa ko masu ciwo, da wuya Kano ba ta zo da adadi mafi yawa ba. Taswirar da aka shafa bisa zallar adadi ba ta nuna inda ciwo ya yi ƙarfi, inda mutane suka taru kawai ta ke nunawa, wannan kuwa kowa ya riga ya sani.

Bari mu ɗauki sanƙarau, wanda kan tashi da rani, ya lafa in damina ta sauka. A ce gundumomi biyu ne a masarauta ɗaya. Ta gabas tana da mutum 90,000, a cikin mako guda aka kawo labarin mutum 6 sun kamu. Ta yamma mutum 35,000 ne, aka sami 4. In aka bi zallar adadi, ta gabas za a shafa wa duhu, can kuma ma'aikatan lafiya za su fara dosa.

Amma sai malami ya ɗauki alƙalami. Ya riɓa yawan masu ciwon da 100,000, sa'an nan ya raba da yawan jama'ar gundumar. Ta gabas, 600,000 a raba da 90,000, ya ba da kusan 7. Ta yamma, 400,000 a raba da 35,000, ya ba da 11 da 'yar ɗoriya. Ashe a cikin kowane mutum dubu ɗari, ƙaramar gundumar ce ta fi shan wuya. Wannan ba wasan lissafi ba ne. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2014, wurin da jama'arsa ke tsakanin 30,000 da 100,000, in aka sami 3 cikin dubu ɗari a mako sai a shiga shiri, in ya kai 10 kuwa annoba ta tabbata. Ke nan ta gabas tana matakin shiri, ta yamma ta riga ta tsallake iyaka, ga shi taswirar farko ta bar ta da haske.

Shi ma wannan lissafi yana da inda ya ke tuntuɓe. A ƙauye mai mutum 2,000, mutum ɗaya tak in ya kamu, lissafi zai ba da 50 cikin dubu ɗari, mako mai zuwa ya koma babu. Don haka ne ƙa'idar ta ce inda jama'a ba su kai 30,000 ba a koma ga ƙidaya, watau mutum 5 a mako, ko kuwa adadin ya ninka cikin mako uku. Haka kuma mai tanadin gadaje da magani, zallar adadi ya ke bukata, gama mutum 6 sun fi mutum 4 cin magani ko a wace gunduma su ke.

Saura abu biyu da ke hannun malaman hakimai. Na farko yawan jama'ar da ake rabawa da shi. In tsohuwar ƙidaya aka ɗauka, alhali garin ya cika da baƙi tun daga lokacin, lissafin zai kumbura, gundumar ta yi duhun da ba nata ba. Sai a rubuta shekarar ƙidayar a gindin kowane rahoto. Na biyun ya fi yawan aukuwa. Gundumar da ke da babban asibiti ita ke karɓar marasa lafiyar maƙwabta, in aka rubuta su duka da sunanta, sai ta yi baƙi ƙirin a taswira, inda ciwon ya fito kuwa ya zauna fari fat. Saboda haka a riƙa tambayar kowane majiyyaci garin da ya kwana kafin ciwon ya kama shi, a rubuta sunan garin da na dagacinsa a littafi.